Na Biya Kuɗin Sunan Shafi, Me Ya Sa Shagona Bai Fito Ba?

[Allo: an rubuta sunan shafi a burauza, an danna, farin shafi ya fito babu komai.]

Jama'a, wannan koken ya yi yawa a 'yan kwanakin nan. Mutum ya buɗe sabon shago a intanet, ya biya kuɗin sunan shafi, rasit na hannunsa, ya rubuta sunan a waya, sai ya ga wayam. Ko kuma ya ga shafin talla na kamfanin da ya sayar masa da sunan. Daga nan sai ya ce an damfare shi. Yawanci ba damfara ba ce. Akwai mataki ɗaya da ba a yi ba, kuma a kansa za mu daɗe yau.

Bari mu share fage da sauri. Kwamfutoci ba sa neman juna da suna, da lamba suke yi, wadda ake kira adireshin IP. Ga ɗaya nan a allo: `203.0.113.10`. Ba wanda zai haddace wa shagonka wannan, shi ya sa a 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba. Kamar dai yadda kake danna sunan mutum a wayarka, ita kuma ta kira lambarsa. Sunan daban, lambar daban, kuma sai wani ya zauna ya haɗa su.

[Allo: `example.com`, an raba shi gida biyu daga wurin ɗigo.]

Za mu yi aiki da `example.com`, domin an keɓe shi ne musamman don koyarwa, ba na kowa ba ne. Daga dama ake karanta shi. Wutsiyar, wato `.com`, kamfanin Verisign ne ke riƙe da kundinta. Kai ba ka zuwa wurinsu kai tsaye, sai ta hannun dillalin rajista, irin waɗanda ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, ta amince da su. Abin da ka biya wa kuɗi shi ne a rubuta a kundin cewa wannan suna naka ne na tsawon shekara ɗaya, ko fiye, har zuwa 10. Iyakar abin ke nan. Hotunan kayanka da farashinsu da kwandon saye suna zaune ne a kan wata kwamfuta daban da ake kira saba, kuma kuɗinta daban ne.

To, yanzu mu tafi a hankali.

Mu ɗauka wata baiwar Allah ta buɗe shagon takalma. Ta yi rajistar suna a kamfani na farko, ta gina shagon a kamfani na biyu. Kamfani na biyu ya ba ta lambar sabarsa. A wannan lokacin suna yana nan, shago yana nan, amma babu abin da ya gaya wa duniya cewa na wuri ɗaya ne. Idan mai saye ya rubuta sunan, kamfanin da ke ba shi intanet zai tambayi manyan sabobin tushe, su nuna masa na `.com`, na `.com` su ce ga sabar da ke riƙe da bayanan wannan suna. Idan ya isa can, sai ya tarar da abin da dillali ya sa tun ranar rajista, wato shafinsa na talla. Shi ne abin da take gani.

Gyaran layi biyu ne. Za ta shiga asusunta a wurin dillali, ta nemi sashen da aka rubuta DNS, ta sa wannan, amma da nata sunan da lambar da aka ba ta:

```
@     A      203.0.113.10
www   CNAME  example.com
```

[Allo: ana cike gurabun ɗaya bayan ɗaya.]

Layin farko yana cewa duk wanda ya nemi sunan zalla, a kai shi wannan lambar. Alamar `@` tana tsaye ne a madadin sunan. Layi na biyu na masu farawa da `www` ne, yana cewa su bi bayan na farko. Mutane da yawa sukan manta da shi, sai ka ji ana gardama, wannan ya ce shafin yana buɗewa, wancan ya ce ba ya buɗewa, alhali bambancin haruffa uku ne a gaba. Idan akwai tsohon layin `A` da dillali ya bari, a goge shi. Idan aka bar biyu, wasu masu saye za su faɗa shago, wasu su faɗa shafin talla.

Ta adana. Ta duba a kwamfutarta, shago ya fito. Ta kira ƙanwarta ta duba, ƙanwar ta ce ita har yanzu tsohon shafin take gani. A nan ne hankali ke tashi, a koma a yi ta sauye-sauye har a ɓata abin da ya riga ya gyaru. Don Allah kada ku taɓa komai. Ku dubi gurbin nan da aka rubuta TTL. Idan `3600` ne a cikin na tsohon layin, daƙiƙa 3600 ke nan, awa guda. Duk sabar da ta riga ta tambaya tana da izinin riƙe tsohuwar amsa har awa guda kafin ta sake tambaya. Kamfanin intanet na ƙanwar ya tambaya ɗazu, shi ya sa yake ba ta tsohon labari. Lokacin yana cika zai daidaita da kansa.

Ba sai ka zauna zullumi ba, kana iya dubawa:

```
nslookup example.com
nslookup -type=ns example.com
```

Ka sa naka sunan a gurbin wannan. Umarnin farko zai nuna maka lambar da sunan ke kaiwa. Idan ta yi daidai da wadda aka ba ka, suna ya gama aikinsa, duk wata matsala da ta rage a can wurin shagon take. Na biyu shi ne nake so ku riƙe da kyau, domin yana nuna wace saba ce ake tambaya game da sunanka.

Ga dalili. Wasu kamfanonin shago ba sa ba ka lamba, sai su ce ka sauya abin da allo ke kira `nameservers`, ka sa nasu. Da zarar ka yi haka, ka ɗauke littafin bayanan gaba ɗaya ka miƙa musu. Duk abin da ka rubuta a sashen DNS na dillalinka daga ranar, babu mai karanta shi. Sai mutum ya wuni yana gyara layi a wurin da aka daina tambaya. Wannan sauyin kuma ya fi ɗaukar lokaci, domin a `.com` ana iya riƙe tsohon bayanin har kwana biyu, kuma daga nan ne maganar "jira awa 48" ta samo asali. Abin da ya fi ciwo shi ne imel. Idan kana karɓar odar masu saye a adireshin imel mai ɗauke da sunan shagonka, layukan `MX` ne ke kai saƙon. Idan ba ka kwafe su zuwa sabon wurin ba, shafi zai yi ta aiki lafiya lau, saƙonni kuwa su daina shigowa, kuma ba abin da zai sanar da kai. Kafin ka sauya, ka ɗauki hoton duk layukan da ke wurin.

[Allo: shafin bayanan mai rajista.]

Wanda ya fahimci wannan matakin ya riga ya ga inda haɗarin yake. Duk wanda ke da kalmar sirrin wannan asusun, da layi ɗaya zai iya juya masu sayenka zuwa wani wuri. Saboda haka a ganina, kafin a zo kan daɗin suna, tambayar farko ita ce: da sunan wa aka yi rajista? Idan wani ne ya gina maka shafi, ka buɗe asusun da kanka, da imel ɗinka, sannan ka ba shi dama ya yi aikinsa. Ba zargin kowa nake ba. Mutane kan yi tafiya, su sauya lamba, su bar sana'ar, kai kuma ka riga ka buga sunan a kan leda da kwali da allon shago. Imel ɗin ya zama wanda kake buɗewa kullum, kuma kada ya zama mai ɗauke da sunan shafin kansa, don ranar da sunan ya tsaya, saƙon gargaɗin ma ba zai same ka ba. Bayan rajista za a turo maka saƙon tabbatarwa. Idan kwana 15 suka wuce ba ka danna ba, ana iya dakatar da sunan.

Sai wa'adi. Idan shekara ta cika ba ka biya ba, shafi da imel duk za su iya ɗaukewa. Dillalai sukan ba da ɗan lokaci a sabunta. Bayan an goge sunan, a `.com` akwai kwana 30 na fansa, da kuɗi mai tsada, sai ƙarin kwana 5, daga nan kowa na iya ɗauka. Ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, ka kuma tabbata katin bankin da ka sa bai ƙare ba. Wajen zaɓen dillali, kada rangwamen shekarar farko ya ruɗe ka, kuɗin shekara ta biyu za ka duba, don shi za ka yi ta biya. Idan ka ga ba su yi maka ba kana iya ƙaura, amma sabon suna yakan zauna a kulle kwana 60 na farko.

Shi kansa sunan fa? Ga gwajin da na fi yarda da shi. Ka kira mutum a waya, ka faɗa masa sau ɗaya, ka ce ya rubuto maka.

[Allo: `takalman-zamani-24`, sai amsoshi uku mabambanta a ƙasa.]

Kun gani. Ɗaya ya manta da karan tsakiya, ɗaya ya rubuta ashirin da huɗu da haruffa, ɗaya ya bar lambar baki ɗaya. Kowane kuskure a nan mai saye ne da ya ɓace a hanya. Ƙa'idar DNS ta yarda da haruffa har 63, amma kalma biyu sun isa. Haruffa masu lanƙwasa ko alama a kai ma a bar su, domin yawancin mutane ba za su buga su ba. Kuma kada ka ɗaure kanka da sunan kaya ɗaya idan kana da niyyar ƙara jakunkuna badi.

Idan an riga ka a `.com`, akwai `.shop` da `.store` da wutsiyar ƙasarka, duk aikinsu ɗaya a wurin DNS. Sai dai ka fara buɗe na `.com` ɗin ka ga wa ke ciki, don wasu masu sayenka can hannunsu zai kai su. Idan mai irin sana'arka ne, ka nemi wani suna kawai. Kada kuma ka raɓu da sunan wani sanannen kamfani da ɗan sauyin harafi. Tun 1999 ICANN ke da tsarin da mai alamar kasuwanci zai kai ƙara a karɓe sunan daga hannunka, ko da ka biya na shekara goma. Ka bincika sunan a rajistar alamun kasuwanci da kafafen sada zumunta tukuna, sannan ka biya, sannan ka kai wa mai buga allo.