Saƙon farko zuwa ga wakilin kamfanin samar da ma'aikata

Assalamu alaikum, jama'a. Abubuwa huɗu na shirya faɗa muku game da ɗan gajeren saƙon da mai neman aiki yake tura wa wakilin kamfanin samar da ma'aikata, in lokaci ya bar mu.

Na farko, ku san wanda kuke rubuta wa. Wannan wakili ba ku yake yi wa aiki ba, mai ɗaukar aiki ne yake biyansa, galibi wani kaso na albashin shekarar farko ta mutumin da ya kawo, kuma sau da yawa ba ya ganin komai sai an ɗauki mutumin. Saboda haka idan ya buɗe saƙonku, tambaya ɗaya ce a ransa: daga cikin guraben da ke hannuna, wanne zan sa wannan mutumin?

Daga nan ne muka iso jimlar da take kashe saƙo, wato “kowane irin aiki aka samu zan yi”. Na ga wasu suna murmushi, da alama sun taɓa rubuta ta. Mai rubutun yana ganin ya nuna tawali'u, ya kuma buɗe wa kansa ƙofofi da yawa, amma wakili yana neman mutane a rumbun bayanansa ne da sunan muƙami da sunan ƙwarewa. Idan aka ce masa ana son akawu, kalmar akawu zai bincika, kuma wanda ya ce kowane aiki ba zai fito ba, domin babu wani gurbi mai suna kowane aiki. Na sake faɗa, ba zai fito ba. Ku ambaci muƙami ɗaya, ko biyu masu kusanci da juna, kamar akawu da mai lura da biyan albashi. Idan kuna iya lissafi kuna kuma iya tallan kaya, ku rubuta saƙo biyu ga wakilai biyu, domin yawancinsu kowa da fannin da ya ƙware a kai.

Bari in karanta muku misali:

“Barka da aiki. Ni akawu ce mai shekara 4 a aiki, 3 daga ciki a kamfanin rarraba kaya, inda nake daidaita lissafin banki da rufe littafin ƙarshen wata da manhajojin QuickBooks da Excel. Ina neman aikin dindindin a matsayin akawu, a ofis ko rabi daga gida, kuma ba na son a sauya mini gari. Mafi ƙarancin albashin da zan karɓa kaza ne, kuma sai na ba wurin aikina sanarwar wata 1 kafin in tashi. Ga takardar tarihin aikina a haɗe. Ko za mu iya magana ta minti 10 a wannan makon?”

Ku lura ba ta ce ita mai ƙwazo ce da riƙon amana ba, domin kowa haka yake cewa, kuma wakili ba zai iya sayar da wannan ba. Ta faɗi abin da hannunta yake yi, ta kuma faɗi abin da ba ta so, wanda ya hutar da su duka biyun daga kiran da ba zai haifar da komai ba.

Na uku, ko na biyu ne? To, batun albashi dai. A gaban wakili ku faɗi adadi, domin ya san abin da kowane gurbi yake biya, kuma ƙaruwar albashinku ƙaruwarsa ce. A taken saƙon kuwa, sunan muƙami da yawan shekarun aiki sun wadatar.

Na'am, malam na can baya? Yana tambaya ne, idan wakili ya amsa da cewa a biya kuɗin rajista, yaya za a yi? Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta ce kada irin waɗannan kamfanoni su karɓi kuɗi daga ma'aikaci, kai tsaye ko ta bayan fage, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi da hukuma ta amince. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu ba, amma wanda ya nemi kuɗi kafin ya faɗi sunan gurbi ko kamfani, malam, ka dakata da shi. Tambayarka ma ta tuna mini da jimlar da ya kamata a ƙara a saƙon: “Don Allah kada a tura takardata ko'ina sai an sanar da ni.” Idan wakilai biyu suka kai sunanka kamfani ɗaya, gardamar wanda za a biya takan taso, kuma wasu kamfanonin sukan ajiye takardar gefe don gudun rigima. Na huɗun sai a zama na gaba, domin an ɗaga mini hannu cewa lokaci ya cika.