Kafin a rufe tsohon Gmail

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da Malam Nura ya faɗa a makon jiya cewa zai rufe tsohon adireshinsa na imel, saƙonni suka yi ta shigowa, kuma yawancinsu tambaya ɗaya suke yi: idan mutum ya goge asusun, lambobin wayarsa ma za su tafi ne?

Nura: Ni dai dalilina ba ɓoyayye ba ne. Na buɗe adireshin ina saurayi, na sa masa sunan da a yau ba zan iya faɗa a gaban surukaina ba.

Hadiza: Har yanzu ba ka gaya mana sunan ba.

Nura: Kuma ba zan faɗa ba. Malam Bala, kai ne masanin, amsa musu.

Bala: Amsar ita ce za su iya tafiya, kuma a nan ne aka fi yin kuka. Wanda ke riƙe da wayar Android yakan ɗauka sunayen mutanensa a cikin wayar suke, alhali mafi yawansu a asusun Google suke zaune, wayar tana nuna su ne kawai. Ranar da aka goge asusun, ko aka cire shi daga wayar, sai a buɗe jerin sunaye a tarar da shi fayau. Saboda haka aikin farko shi ne a shiga contacts.google.com, an fi so a kwamfuta, a danna Export, a zaɓi Google CSV idan wani asusun Google za a koma, ko vCard idan iPhone za a kai su. Sannan a shiga sabon asusun a danna Import, a ɗora fayil ɗin. Akwai kuma wani ɓangare da ake kira Other contacts, inda Google ke tara adireshin mutanen da ka taɓa rubuta wa wasiƙa amma ba ka ajiye sunansu ba. Waɗanda kake so daga cikinsu sai ka fara mayar da su babban jerin kafin ka fitar.

Nura: Ta yaya zan san duk sun ƙaura lafiya?

Bala: Ka duba adadi. Shafin yana nuna yawan sunayen da kake da su, don haka idan tsohon asusu ya ce ɗari takwas, sabon kuma ya nuna ɗari biyar, ka san an bar wasu a baya, kada ka ci gaba sai ka gano inda suka maƙale.

Hadiza: To, wasiƙun fa? Ni a tsohon asusuna akwai takardar ɗaukata aiki da rasit ɗin kuɗin makarantar yara.

Bala: Idan ba su wuce goma ko ashirin ba, Hajiya, ki tura su ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon adireshi, ki kuma sauke takardun da ke maƙale da su. Idan kuwa duka ake so, sai a je takeout.google.com. Za a tarar an zaɓi komai, sai a danna Deselect all, a sa alama a kan Mail da Contacts, da Drive da Google Photos idan akwai abin da ake so a can. Google zai haɗa kayan, wani lokaci cikin 'yan mintuna, wani lokaci sai an kwana idan asusun ya yi nauyi, sannan ya aiko da mahaɗin saukewa zuwa wannan adireshin da ake shirin rufewa. Mahaɗin kusan mako ɗaya yake yi ya daina aiki, kuma wanda ya yi gaggawar goge asusun kafin ya sauke, ya rufe ɗaki ne da mabuɗin a ciki.

Nura: Na taɓa sauke irin wannan, na danna shi ya ƙi buɗewa.

Bala: Domin wasiƙun suna zuwa ne a dunƙule cikin fayil mai ƙarshen .mbox, kuma ba kowace manhaja ke karanta shi ba. Thunderbird, wadda kyauta ce a kwamfuta, tana iya karantawa. Abin da nake naci a kai shi ne a buɗe shi a nemi wata tsohuwar wasiƙa da aka san tana nan, a ga ta fito da takardar da ke jikinta. Na ga wanda intanet ta yanke masa ana tsakiyar saukewa, ya ajiye guntun fayil yana murna, sai bayan ya goge asusu ya gane ba ya buɗuwa. Kuma a ajiye shi wuri biyu, a kwamfuta da kuma filashi, amma ba a cikin Drive na asusun da za a goge ba.

Hadiza: Ashe akwai masu yin haka?

Bala: Da yawa, domin Takeout ɗin kansa yana ba da zaɓin a zuba kayan a Drive. Amma abin da ya fi wasiƙun haɗari shi ne wuraren da aka yi rajista da adireshin. Bankinka, Facebook ɗinka, shafin da ka nemi aiki, duk nan suke aiko da hanyar sauya kalmar sirri idan ka manta. Ka rubuta verify ko welcome ko password a wurin bincike na akwatin, za ka ga jerin wuraren da ka manta ka taɓa shiga, sai ka bi su ka canza adireshi tun tsohon yana raye, saboda wasu sai sun aika lambar tabbatarwa can kafin su yarda. Ajiyar hirarrakin WhatsApp ma a Drive na wannan asusun take, sai a shiga saitin WhatsApp a sauya asusu, a yi sabuwar ajiya.

Nura: Wato sunan nan nawa zai ƙara kwana a duniya.

Hadiza: Da ka faɗe shi, da mun taya ka jimami.

Bala: Zai ƙara wata biyu ko uku, a shawarata. Ka shiga Settings, ka je Forwarding and POP/IMAP, ka sa a riƙa tura maka sababbin wasiƙu zuwa sabon adireshi. Sababbi kawai yake turawa, ban da tsofaffi, amma duk wasiƙar da ta biyo ta wannan hanya tana nuna maka wurin da ba ka canza ba tukuna.

Hadiza: Lokaci ya kusa cinye mu, ba mu kai ga gogewar kanta ba.

Bala: Ita ce mafi sauƙi. A myaccount.google.com, ƙarƙashin Data & privacy, akwai zaɓi biyu. Delete a Google service yana ba ka damar cire Gmail kaɗai, hotunanka da YouTube su tsira, sai dai zai nemi wani adireshin da ba na Gmail ba domin ka riƙa shiga da shi. Delete your Google Account kuwa komai yake kwashewa, har manhajojin da ka saya. Kafin wannan na biyun, ka cire asusun daga wayarka ta cikin saiti, domin idan aka wanke wayar Android, wato aka goge komai na cikinta, da asusu a kanta, takan nemi a shiga da wannan asusun kafin ta buɗe. Adireshin Gmail da aka goge kuma ba a sake ba wani shi.

Nura: Wannan na ƙarshen ya kwantar mini da hankali.

Hadiza: Mun yi niyyar taɓa Yahoo, amma sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.