Darasi: makunnin da ke raba ɗora kod da buɗe wa jama'a, da yadda ake cire shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganarmu a kan abin da masu haɗa manhaja ke kira fica filag ce, ni dai makunni nake ce masa, don aikinsa ke nan.

A ce kuna da manhajar sayar da kaya, kun rubuta sabon shafin biyan kuɗi. Ɗora kod ɗin a kan saba abu ne daban, barin masu saye su gan shi kuma abu ne daban. Makunni ne ke raba su. Ku dubi allon nan:

```
if (flags.isEnabled("new_checkout", user.id, false)) {
  showNewCheckout();
} else {
  showOldCheckout();
}
```

Kun ga `false` ɗin can na ƙarshe? Ita ce amsar da kod zai ɗauka in ya tambayi makunni bai samu amsa ba. Ku riƙe ta a zuciya, za mu dawo kanta.

Ranar Litinin kun ɗora kod, makunni a kashe, babu wanda ya ga sauyi. Sai ku kunna wa ma'aikatanku kaɗai. In komai lafiya, ku buɗe wa mutum biyar cikin ɗari, kuna lura da abu biyu: yawan kurakuran da saba ke fitarwa, da yawan waɗanda suka fara biya suka kammala. In na biyun ya faɗi, ku kashe makunni nan take, ba sai an sake ɗora komai ba. Shi ya sa muka ba shi `user.id`, don wanda ya ga sabon shafi da safe kada ya tarar da tsohon da yamma.

To an kai ɗari bisa ɗari, kowa ya yi murna ya koma wani aiki. A nan ne matsalar take, kuma ita ta fi damuna. Kowane makunni hanya biyu ce a cikin kod. Guda goma kawai suna iya haɗuwa ta hanyoyi 1,024, wa zai gwada duka? Tsohuwar hanyar kuma tana nan kwance, babu mai duba ta.

A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45. Sun ɗauki wani tsohon makunni da ke tayar da kod mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi shekaru amma ba a goge ba, suka ba shi sabon aiki. Saba takwas gare su, sabon kod ya hau bakwai. Da aka kunna makunni, ta takwas ɗin ta tayar da tsohon kod, ta dinga aika odar ciniki ba tsayawa. Don Allah, kada ku taɓa maimaita sunan makunni.

Yanzu cirewa. Ku bar shi a kunne ga kowa kamar mako biyu, har albashin ƙarshen wata ya zo ku ga shafin ya ɗauki cunkoso. Daga nan ku nemo duk inda sunan yake:

```
git grep -n "new_checkout"
```

Ku goge `if` ɗin, ku bar `showNewCheckout()` kaɗai, ku goge `showOldCheckout` ɗungurungum da gwaje-gwajensa. Ku ɗora. Sai bayan haka za ku share makunnin daga inda ake sarrafa shi, ko Unleash ne ko LaunchDarkly.

Me ya sa kod ne farko? Ku tuna `false` ɗin nan. In kuka fara share makunni, kod zai tambaya bai samu ba, ya koma kan `false`, tsohon shafi ya dawo wa kowa. Na taɓa yin wannan kuskuren a wani wurin aiki, wata ranar Juma'a da yamma. Ina hanyar gida waya ta fara ƙara, masu saye suna ganin shafin da muka rufe wata uku da suka wuce.

Masu manhajar waya, naku ya fi buƙatar haƙuri. Mutanenmu da yawa ba sa sabunta manhaja saboda tsadar data, don haka tsohon kod yana cikin wayoyinsu yana tambayar makunni. Ku duba shafin sarrafawa, zai nuna lokacin ƙarshe da aka tambaye shi. Muddin ana tambaya, ku bar shi a kunne.

Kuma tun ranar da kuka ƙirƙiri makunni, ku rubuta sunan mai kula da shi da ranar cire shi a cikin jerin ayyukanku. Aikinku kafin darasi na gaba: ku buɗe naku kod ɗin, ku ƙirga makunnan da suka wuce wata uku a kunne ga kowa, ku fara cire ɗaya. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.