Yadda ake gwada lissafin canjaras a takardar tsarin kasuwanci

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Duk wanda ya taɓa rubuta takardar tsarin kasuwanci don neman rance ko neman mai zuba jari ya san akwai layin da ake cewa: in muka sayar da kaza a wata, mun yi canjaras, ba riba ba asara. Yau ba rubuta wannan layin za mu koya ba. An riga an rubuta, an miƙo maka takardar, kai ne za ka duba ko adadin da aka sa gaskiya ne. Lamba uku kawai kake bukata, kuma duk suna cikin takardar.

Mu ɗauki gidan ruwan leda, tunda kowa ya san shi. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, kar wani ya fita ya ce Malam ya yanke farashi.

Lamba ta farko ita ce tsayayyun kuɗi, wato abin da za ka biya a wata ko inji ya yi aiki ko bai yi ba: hayar wuri, albashin ma'aikata da mai gadi, gyare-gyare, kuɗin ruwan bashi in akwai, da abin da ake warewa saboda tsufan inji da mota. A takardarmu an ce naira 900,000 a wata.

Ta biyu ita ce rarar kowace jaka. Jaka ɗaya leda 20 ce, ana ba dila a naira 300. Amma kafin jakar ta fita ƙofa ta ci kuɗi: ledar ƙunsa ruwa naira 130, babbar ledar da ake zubawa naira 20, wuta da man janareto naira 25, kamashon direba da ladan masu lodi naira 35. Ku tara. Naira 210. Cire daga 300, saura 90. Wannan naira 90 ba riba ba ce tukuna, ku riƙe wannan da kyau. Gudummawar da jaka ɗaya take kaiwa ce wajen biyan haya da albashi. Sai an gama biyan waɗannan kaf kafin a fara maganar riba.

Ta uku ita ce adadin da mai takarda ya rubuta. Ya ce jaka 3,000 a wata.

Yanzu gwajin. Ninka adadin da rarar, ka ga ko zai ba ka tsayayyun kuɗin. Jaka 3,000 sau 90, naira 270,000. Mu kuwa 900,000 muke nema. Ke nan in ya sayar da abin da ya ce, kowane ƙarshen wata akwai giɓin naira 630,000, shi kuma yana zaton ya tsira. Lissafin daidai shi ne a raba 900,000 da 90, a sami jaka 10,000.

To a nan yawancin masu dubawa suke tsayawa, su ja jan layi su mayar da takarda. Ni ina ganin aikin bai ƙare ba, domin in ba ka gano inda ya kauce ba, gobe zai dawo da wata lambar da ita ma ba daidai ba. Bi sawunsa ta baya. Raba tsayayyun kuɗin da adadin da ya rubuta: 900,000 a raba da 3,000, ya ba ka 300. Wace lamba ce 300 a takardar? Farashin sayarwa. Shi ke nan ka kama shi. Ya raba da farashi, kamar leda da mai kyauta ake ba shi. Da ya rubuta wajen jaka 4,286, in ka yi wannan rabon za ka ga kusan 210 ya fito, ka san da kuɗin da jaka ke ci ya raba. In kuma ka ga 120,000, tsayayyun kuɗin shekara ya ɗauko ya kira su na wata. Kusan kowace ɓatacciyar lamba tana faɗa maka inda aka samo ta in ka yi wannan rabon.

Akwai kuma rikicin leda da jaka. Wani zai rubuta 200,000, ka firgita, alhali daidai yake: ledoji yake ƙirgawa, kuma jaka 10,000 sau 20 ai 200,000 ne. Saboda haka kafin ka ce an yi kure, tabbatar farashi da rara da adadi duk a kan ma'auni ɗaya suke, kuma duk na wata ne ko duk na shekara.

Hajiya, na ga hannunki.

"Malam, to in na ninka na ga ya fito daidai, shi ke nan sai in sa hannu?"

A'a Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, tambayar nan ta yi. Fitowa daidai yana nuna mutum ya iya rabawa ne kawai. Saura ki tambayi lambobin su kansu. Fara da tsayayyun kuɗi: me aka bari a waje? Abin da aka fi mantawa shi ne albashin mai wurin, da hayar da aka biya ta shekara aka manta a kasa ta gida 12. A misalinmu awon da sauƙi: duk naira 90,000 da aka manta, jaka 1,000 ce ta ƙaru a kan adadin. In mai gidan zai ɗauki naira 90,000 a wata na cefane bai rubuta ba, canjaras ɗinsa ya koma 11,000.

Sai rarar, kuma nan ne abin ya fi tsanani. A ce maƙwabci ya buɗe nasa gidan ruwa, dole ka sauko daga 300 zuwa 270. Kashi 10 cikin 100 kawai ka rage, kamar ba komai. Amma leda ba ta sauko ba, mai bai sauko ba, saboda haka duk naira 30 ɗin daga cikin 90 ta fita. Rara ta zama 60. Raba 900,000 da 60: jaka 15,000. Ragin kashi 10 a farashi ya ɗora maka ƙarin rabin abin da kake sayarwa. Haka nan in kuɗin leda ne ya tashi da naira 30. Sannan ki duba farashin da aka sa, na dila ne ko na mai shago? An cire jakunkunan da ke fashewa a mota, da gyaran da ake yi wa dila in ya ɗauki da yawa? Duk daga cikin 90 ɗin nan suke ci.

In lambar ta tsaya, mayar da ita ta yini. Jaka 10,000 a kwanakin aiki 25, jaka 400 ke nan kullum, leda 8,000. Buɗe shafin da ya yi maganar inji da mota, ki ga ko motar da ya ce zai saya za ta iya raba 400 a yini, ko wutar da yake samu za ta kai. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, mai yiwuwa ya wuce haka. Da hunturu fa, lokacin da mutane suka rage shan ruwa, haya kuma ba ta ragu ba? Ki nemi ya nuna miki cinikin da yake hasashe wata-wata, ki ƙirga watannin da suka faɗi ƙasa da 10,000, ki tambaye shi da wane kuɗi zai biya albashi a cikinsu.

Wani ƙaramin abu: in rabon ya fito da ɓurɓushi, kamar 10,000 da ɗigo 4, sama ake kai shi, 10,001, domin ba a sayar da guntun jaka.

An kira salla. Bayan mun idar, kowa ya fito da takardar da ya zo da ita, mu ninka lambobinta tare.