Yadda za ka zuba kaya a rendar ɗaki ba ka taɓa bango da taga ba

To jama'a, ga rendar falo nan a sikirin, wato hoton falon da aka zana da kwamfuta, wayam ko kujera babu, faɗi mita 4 tsawo mita 5, taga ɗaya a hagu. Mai aikin cewa ya yi a zuba masa kaya salon Sikandinabiya, wato katako mai haske, yadi ruwan toka, ba tarkace da yawa, amma fa bango da taga kar a taɓa, don wanda zai kama gidan abin da ya gani a hoto shi yake so ya je ya tarar.

Kafin komai a Photoshop kulle leyar asali, danna ɗan kwaɗon nan. Duk abin da za mu ƙara a sabuwar leya zai hau.

Da kafet muke farawa don shi ke nuna inda sauran kaya za su zauna. Falo kamar wannan, kafet mai mita 2 da 3 ne ya dace da shi, ƙarami sai ka ga kamar dardumar bakin ƙofa aka jefa a tsakar ɗaki. Ka kwafi hoton kafet ɗin, shiga Filter > Vanishing Point, ja kusurwa huɗu kana bin layin da bango ya haɗu da ƙasa, sai ka manna, ka ja shi cikin wajen da ka zana, zai kwanta da kansa.

Sai doguwar kujera, ƙafafunta na gaba su hau kafet. Girmanta kuma kar ka yi da ka, auna da ƙofa. Ƙofa kusan mita 2 ce, wajen zaman kujera santimita 45, kenan bai kai kwatan ƙofar ba, amma sai ka ja ta kusa da ƙofar tukuna ka auna, don abin da ke kusa da kyamara ya fi girma a ido. Bayanta kuma kar ya rufe tagar.

Yanzu inuwa, nan ne fa aiki ke tonuwa. Haske daga hagu yake shigowa, to inuwar kujera da ta teburi duk dama za su faɗi, in hoton kujerar da ka samo haskensa ta dama yake, juya shi ko ka nemi wani kawai. Buɗe leya a ƙarƙashin kujerar ka sa ta Multiply, ka shafa inuwa mai laushi, sannan wata 'yar siririya mai duhu daidai inda kowace ƙafa ta taɓa ƙasa. Kalli nan, na kashe ta, ka ga kujerar tana lilo a iska ko? Na kunna, ta zauna.

Ta yaya za ka tabbatar ba ka taɓa bangon ba? Kwafi leyar asali ka kai ta can sama, cire mata kwaɗon in yana kanta, sa ta Difference. Duk inda bai canja ba baƙi ƙirin zai koma. Kayan da ka zuba da inuwarsu kaɗai ya kamata su fito, in kuwa ka ga gefen taga ko fentin bango na haske to akwai leyar da ta zarce, kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka kama ta, ka goge wajen.