Na ɗauka a firam 30, ina kuma son silo moshin: yadda na gyara tsallen mai keke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina ɗaki, sanyin ƙasar nan ya hana ni leƙa waje, sai na ce bari mu zauna gaban kwamfuta in nuna muku wani bidiyo da ya ba ni wahala a makon jiya.

Ga shi nan a allo. Wani matashi ne a kan keke, ya taho a guje, ya yi tsalle ya haye wani ɗan tudu a filin wasa. Da waya na ɗauka, kuma na manta ban sauya saitin ba, yana kan firam 30 a sakan ɗaya. Tsawonsa sakan 6, wato hotuna 180 ke nan a jere. Abin da nake so shi ne ya taho da sauri, daidai lokacin da ya tashi sama komai ya lafa, yana dira kuma a koma yadda ake.

Farkon abin da na yi, na rage saurin zuwa kashi 40 cikin ɗari. Ku kalla. Kun ga yadda yake tafiya yana cijewa, kamar mota mai shaƙar mai? Ba kwamfutar ce ta gaza ba, lissafi ne. Aikina yana kan firam 30, to dole allo ya nuna hotuna 30 duk sakan. Da na rage zuwa kashi 40, hotuna 12 kacal na gaske nake ba shi a sakan ɗaya. Sai manhajar gyaran bidiyon ta cike giɓin da maimaici: wannan hoton ta nuna shi sau uku, na gaba sau biyu, na gaba sau uku. Wannan rashin daidaiton shi ido ya fi tsana. A kashi 50 kowane hoto sau biyu ake nuna shi cif, har yanzu da ɗan cijewa, amma ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Akwai wata sassauƙar hanya da zan faɗa kafin mu wuce. Da a ce tun farko na buɗe aikin a kan firam 24, zan iya rage bidiyon firam 30 zuwa kashi 80 ba tare da an maimaita ko hoto ɗaya ba, domin 24 kashi 80 ne na 30. Lafawar kaɗan ce, amma tsaf take. Ni dai na riga na yi nisa a kan 30, kuma kashi 80 bai ishi tsallen nan ba.

To, sai mu sa manhajar ta ƙirƙiro hotunan da babu. Ina aiki da DaVinci Resolve. In ka danna bidiyon, ka shiga Inspector, ƙarƙashin Retime and Scaling za ka ga Retime Process. Zaɓi uku ne. Nearest shi ne mai maimaicin da muka gani. Frame Blend yana ɗora hoto kan hoto, sai ka ga ɗan keken ya zama mutum biyu dishi-dishi, kamar inuwa na bin sa. Na ukun shi ne Optical Flow, kuma shi muke nema. Masu Premiere Pro, naku yana ƙarƙashin Time Interpolation, sunansa ɗaya.

Abin da yake yi shi ne ya dubi hoto na ɗaya da na biyu, ya kintaci inda kowane ɗigo ya dosa, sannan ya zana sabon hoto a tsakani. Ku riƙe kalmar nan, kintace. A kashi 50, hoto ɗaya cikin biyu ƙirƙirarre ne. A kashi 25, uku cikin huɗu. Shi ya sa ni ba na sauka ƙasa da 50 da bidiyon firam 30, sai in abin da ke ciki yana tafiya a hankali kuma bayansa fili ne.

Bari in tsayar da shi a nan, in riƙa matsawa hoto ɗaya-ɗaya da kibiyar dama. Jikin yaron ya fita lafiya lau, domin sararin sama ne a bayansa. Amma ku dubi tayar baya lokacin da ta gifta gaban shingen wayar can. Kun ga shingen ya lanƙwashe yana bin tayar, kamar an narka roba? Dalili shi ne tayar ta rufe wani sashe na shingen, a hoto na gaba ta buɗe shi, manhajar kuwa ba ta taɓa ganin abin da ke bayan ba, sai ta jawo na kusa ta liƙa. Haka yake yi da wayoyin taya, da fantsamar ruwa, da gashi, da hannun da ya gifta fuska. In kana kallo a guje ba lallai ka lura ba, shi ya sa nake bin sa ɗaya-ɗaya. Na sauya Motion Estimation, wato saitin kintacen motsin, zuwa Enhanced Better, lanƙwasar ta ragu amma ba ta tafi ba.

Abin da ya cece ni shi ne taƙaita wurin lafawar. Na danna Ctrl+R, na sa Speed Point guda biyu, wato ɗigon da sauri ke sauyawa a kansa: ɗaya bayan tayar ta wuce shingen, ɗaya gab da dira. Tsakaninsu firam 20 ne kawai. A kashi 50 sun zama 40, sakan ɗaya da ɗan ɗoriya. Ya isa. Sakan ukun farko kuma, inda yake tahowa, na ɗaga su zuwa kashi 200, suka koma sakan ɗaya da rabi. Dabarar ke nan: wanda idonsa ya saba da kashi 200, in ka sauke shi zuwa 50, saurin ya ragu ninki huɗu, sai ya ji lafawar ta fi yadda take a zahiri. Shingen kuma ya faɗa cikin sashen sauri, inda ba a ƙirƙirar komai a kashi 200.

Saura gangarar. Yanzu daga 200 yake faɗowa 50 kwatsam, kamar an taka burki. Na buɗe Retime Curve, na zaɓi Retime Speed, na danna maɓallin lanƙwasa a kan kowane ɗigo, na ja hannuwansa har sauyin ya ɗauki kamar firam 10 zuwa 12. In ya gaza haka yana fizga, in ya yi tsawo da yawa kuma tsallen ya wuce kafin a gama lafawa. Ku lura, a cikin gangarar nan saurin yana ratsa lambobi marasa kan gado, irin su 73 da 61, don haka Optical Flow ya zauna a kunne a kan bidiyon gaba ɗaya. Hakan ya sa na ɗan matsar da ɗigon farko gaba da firam 4, don kada gangarar ta taɓa shingen.

Sauti kuwa na cire shi daban, na bar ƙarar filin tana tafiya yadda take, na ɗauko ƙarar dirar tayar na ajiye daidai inda ta taɓa ƙasa.

Abu ɗaya ne ban iya gyarawa ba. Da yamma na ɗauka, haske ya yi ƙasa, wayar ta rage saurin shota, wato tana ɗan daɗewa wajen ɗaukar kowane hoto, sai ƙafar yaron ta fito a shafe cikin kowane hoto. Shafewar da ta shiga hoto ta shiga ke nan, rage sauri ƙara tona ta yake yi, kuma tana rikita kintacen manhajar. Da rana ce, da na sa shota a 1/120 ko 1/250, gefen komai ya fito ƙarara. Ga shi nan dai daga farko, ku sa ido a kan ƙafar hagu lokacin da ya kai ƙololuwa, za ku ga abin da nake nufi.