Darasi: Bilic Mai Kulorin da Bilic Mai Oksijin, da Haɗarin Gauraya su da Wasu Kayan Wanki

Assalamu alaikum, masu sauraronmu na ƙauyukan Kano da Jigawa. Darasinmu na yau a kan bilic ne, wanda iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne ruwan nan mai warin gaske da ake sayarwa a leda ko a roba ranar kasuwa, wanda da yawanmu ke kira haifo. Sinadarin da ke cikinsa sunansa sodiyam haifokulorait, kuma ƙarfin wanda aka fi samu a nan ƙasar kashi 3.5 ne cikin ɗari. Yana kashe ƙwayoyin cuta da sauri, amma ba ya tausayin rini, domin ɗigo ɗaya a kan shadda ko atamfa zai bar farin tabo wanda ba shi da magani, sannan yana cin zaren tufa, yana kuma sa ƙarfe tsatsa.

Na biyu yawanci gari ne fari mai suna sodiyam fakabonet. Idan aka zuba shi a ruwa mai ɗumi sai ya saki oksijin, wanda ke fitar da tabon goro, na miya ko na zufa a hankali, ba tare da ya taɓa launin yawancin tufafi ba, muddin dai ba ulu ko siliki ba ne. Yana buƙatar a jiƙa kaya na awa ɗaya ko fiye. A ganina, shi ya dace da kayan sawa, mai kulorin kuma a bar shi ga banɗaki, daɓen siminti da fon yara.

Yanzu mu ɗauki misalin uwargida da za ta wanke banɗaki bayan yaro ya yi gudawa. Za ta fara da sabulu da ruwa, ta goge ƙazantar, ta ɗauraye sosai, saboda datti yana cinye ƙarfin kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar. Daga nan sai ta ɗebi ruwan sanyi lita 10 a bokiti, ta zuba bilic mai kulorin mililita 300, wato abin da ya ɗan haura rabin ledar fiya wata. Ba a amfani da ruwan zafi, domin yana lalata sinadarin, yana kuma tayar da tururinsa. Za ta buɗe ƙofa, ta sa safar hannu ta roba, ta watsa haɗin a daɓe, ta bar shi kamar minti 10 kafin ta ɗauraye. Abin da ya yi saura ba a ajiye shi zuwa gobe, domin ƙarfinsa yana raguwa bayan an sirka.

Inda ake samun matsala shi ne lokacin da uwargida ta ga daɓen bai yi fari yadda take so ba, sai ta ƙara maganin wanke masai a kan bilic ɗin. Yawancin waɗannan magunguna asid ne a cikinsu, kuma da zarar asid ya haɗu da bilic, iskar kulorin ce ke tashi, wadda guba ce. Ruwan kal, ruwan lemun tsami da ruwan batir duk asid ne. Ita wannan iska ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, saboda haka ƙasa take kwanciya, daidai inda fuskar mai wanki take idan ta sunkuya, daidai kuma tsayin yaron da ya biyo ta. A banɗaki ƙarami marar taga, ba ta da hanyar fita.

Haka kuma idan bilic ya haɗu da amoniya, wadda ake samu a wasu magungunan goge gilashi da kuma fitsarin da ya kwana, wata iskar mai suna kuloramin ce ke fitowa. Shi ya sa ake zubar da abin da ke cikin fo, a ɗauraye shi da ruwa tukuna. Ko bilic ɗin guda biyu ba a haɗa su, domin kumfa kawai za su yi, kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

Alamun shaƙar wannan iska su ne raɗaɗin ido da hawaye, tari, kaikayin maƙogwaro da nauyin ƙirji. Wanda ya ji haka ya fito fili nan take, kada ya tsaya gyara abin da ya haɗa, a kuma hana yara kusantar wurin har sai iska ta kore warin. Idan bilic ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15. Idan numfashi yana sarƙewa ko tarin ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti mafi kusa tare da robar abin da aka gauraya, domin cutarwar huhu tana iya tsananta bayan wasu awanni. Yaron da ya sha bilic kuwa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kurkure masa baki a kai shi wurin ma'aikatan lafiya.